Daga Salshiyas Zuwa Kelbin: Awon Da Ya Faro Daga Gindi

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, kowa daga cikinmu zai tsaya wata rana gaban aji ya rubuta wa yara wannan ƙa'ida a allo, cewa in ana son a juya awon zafi daga Salshiyas zuwa kelbin sai a ƙara 273. Rubuta ta ba wuya, haddace ta kuma ba wuya. Wuyar tana zuwa ne sa'ad da yaro mai wayo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, daga ina 273 ɗin nan ta fito? Don me kuma ba a sa wa kelbin ɗan da'irar nan na digiri?" Malamin da ya amsa da cewa haka littafi ya faɗa, to, ya rufe bakin yaro, amma bai buɗe masa kai ba. Nufina a nan in nuna cewa amsar tambayoyin nan duka guda ɗaya ce, watau inda kowane ma'auni ya ajiye sifirinsa.

Bari mu fara da abin da kowane yaron Jimeta ya sani, watau kogin Binuwai. A ce mutum biyu suna son su san yadda ruwa ke hawa da sauka. Na fari ya je gindin gada ya shata alama a jikin ginshiƙi daidai inda ruwa ya tsaya ran nan, ya kira wurin sifiri. In damina ta yi ruwa ya hau, sai ya ce ruwa ya kai mita 2 bisa alama. In rani ya yi ruwa ya janye har yashi ya fito, sai ya ce ruwa yana mita 1 ƙarƙashin alama. Na biyu kuwa mai kwalekwale ne, gora ya ɗauka ya caka har ta taɓa ƙasan kogi, daga can ya faro ƙirgensa. Mitar da suke awo da ita ɗaya ce, ba wanda tasa ta fi ta wani tsawo. Amma na fari yana iya samun lamba ƙasa da sifiri, gama alamarsa shi ya zaɓa, akwai kuwa sauran ruwa a ƙarƙashinta. Na biyu ba shi yiwuwa ya ce zurfin ruwa ya gaza sifiri, domin in gora ta nuna sifiri ruwa ya ƙare ke nan. Mai alama shi ne Salshiyas, mai gora shi ne kelbin.

Ma'aunin Salshiyas ya samo sunansa daga Anders Celsius, wani masanin taurari na birnin Uppsala a ƙasar Suwidin, wanda ya bayyana shi a shekarar 1742. Ya zaɓi alamomi biyu da kowa ke iya samu a ko'ina, watau inda ƙanƙara ke narkewa da inda ruwa ke tafasa, ya raba tsakaninsu kashi 100. Abin mamaki, shi a nasa tsarin tafasar ruwa ce sifiri, narkewar ƙanƙara kuwa 100. Bayan rasuwarsa a 1744 aka juya shi ya zama yadda muka san shi yau. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana sifirin Salshiyas alama ce ta zaɓi. Ba ya nufin zafi ya ƙare a wurin, gama firiza ta masu sayar da ƙanƙara a kasuwar Jimeta tana sauka ƙasa da shi kullum.

To, ina ƙasan kogin yake, yaya kuma aka gano shi? Ta wurin iska aka gano. Masana a Faransa, musamman Gay-Lussac a 1802, sun lura cewa in aka ɗumama iska ba tare da an ƙara danne ta ba, tana kumbura a kan ƙa'ida, in kuma aka sanyaya ta tana tsukewa a kan wannan ƙa'ida. Awon da aka daidaita daga baya ya nuna cewa kowane digiri ɗaya na sanyi yana rage mata kashi 1 cikin 273 na girman da take da shi a 0 °C.

Ana iya nuna wannan a aji da kaya kaɗan. A sami siririn bututun gilashi mai toshe a gefe ɗaya, a kulle busasshiyar iska a ciki da ɗigon mai, a ɗaure shi a jikin rula. A tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara a auna tsawon iskar da ke ƙarƙashin ɗigon man, sa'an nan a tsoma shi cikin ruwa mai tafasa a sāke aunawa. A ce an sami santimita 10.9 a ruwan ƙanƙara, da santimita 14.9 a tafasasshen ruwa. Watau digiri 100 sun ƙara santimita 4, ashe kowane digiri yana da santimita 0.04. Yanzu sai a tambayi yara, in muka yi ta sanyaya iskar nan daga 0 °C, tana rasa 0.04 a kowane digiri, digiri nawa za mu sauka kafin santimita 10.9 ɗin su ƙare? A raba 10.9 da 0.04, sai ga 272.5. Ka ga yara sun fito da lambar da hannunsu, kusa da ta littafi.

Abu biyu sukan ɓata wannan gwaji. In akwai laima cikin bututun, ruwan zai zama tururi a wurin zafi ya tura ɗigon man sama fiye da kima, amsa ta fito ƙarama. In kuma ba a tsoma dukan tsawon iskar cikin ruwan ba, wani sashi bai ɗauki zafin ba, amsa ta fito babba. Sai kuma a gaya wa yara gaskiya, cewa iska ba ta tsukewa har ta ɓace, domin tun kafin a kai can takan zama ruwa. Lissafin yana nuna mana inda layin ya dosa ne kawai. Amma kowace irin iska aka gwada, layinta wuri guda yake dosa, awo mai kyau kuwa ya tsayar da wurin a −273.15 °C.

William Thomson, malamin jami'ar Glasgow a ƙasar Sikotilan, shi ne a 1848 ya kawo shawarar a yi ma'aunin zafi wanda bai rataya ga halin ruwa ko na wani abu ba, wanda kuma sifirinsa yana can gindin. A 1892 aka ba shi sarautar Lord Kelvin. Sunan kuwa na wani ƙaramin kogi ne da ke wucewa kusa da jami'ar, ashe misalinmu na kogi bai yi nisa da gida ba.

Da yake girman taki ɗaya ne, watau hawan kelbin 1 daidai yake da hawan digiri 1 na Salshiyas, ba a bukatar ninkawa ko rabawa wajen juyi. Matsar da sifiri kawai ake yi. In T yana tsaye a madadin kelbin, t kuma a madadin Salshiyas, ga ƙa'idar:

T = t + 273.15

t = T − 273.15

Mu gwada da zafin garinmu. Da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu zafin Yola yakan wuce 40 °C. A ce ran nan ma'auni ya nuna 42 °C, sai mu ƙara 273.15, mu sami 315.15 K. Da asubar hunturu kuwa, a ce ya sauka zuwa 16 °C, watau 289.15 K. Jikin mutum mai lafiya yana wajen 37 °C, shi ne 310.15 K. Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne lamba mai alamar debewa. Firiza da ke kan −18 °C, lissafinta shi ne a debe 18 daga 273.15, a sami 255.15 K. Yaron da ya manta alamar zai kawo 291.15 K, wanda shi ne 18 °C, sanyin safiyar hunturu ke nan, ruwa kuwa ba ya daskarewa a cikinsa. Komawa baya ma haka ne. Iskar naitirojin takan zama ruwa a wajen 77 K. A debe 273 daga 77, sai a ga −196 °C. A yawancin lissafin makaranta 273 ta isa, amma in lambar da aka ba da tana da ɗigo, sai a yi aiki da 273.15 cikakkiya.

Akwai wani tarko da ya kamata mu nuna wa yara tun da wuri. Ana ƙara 273 ga awon zafi ne, ba a ƙara ta ga bambancin da ke tsakanin awo biyu. Tsakanin 16 °C na asuba da 42 °C na rana akwai digiri 26. Tsakanin 289.15 K da 315.15 K ma 26 ne. In an ce zafin ruwa ya ƙaru da digiri 26, to, ya ƙaru da kelbin 26 ke nan, ba 299 ba. In ruwan Binuwai ya hau mita 2, mai alama da mai gora duk mita 2 za su ce.

Yanzu wani zai ce, in dai matsar da sifiri ne kawai, me ya sa za mu wahalar da yara? Ga dalili, da lissafi a fili. Lokacin da nake koyarwar gwaji a wata makaranta a Jimeta na ba 'yan aji wannan tambaya: an kulle iska mililita 600 a cikin abin da ke iya buɗewa ba tare da matsi ya canja ba, zafinta 20 °C. Aka kai ta rana har ta kai 40 °C. Nawa girmanta zai zama? Da yawa suka ce 40 ninkin 20 ne, saboda haka iska ta ninka, ta zama 1200. Ban ce musu komai ba tukuna, sai na sa su juya lambobin biyu zuwa ma'aunin Faranhait. 20 °C ya zama 68, 40 °C ya zama 104. Na ce, "To, 104 ninkin 68 ne?" Suka ce a'a. Na ce, "Iskar guda ce, ranar guda ce. Yaya za ta ninka in an auna da wannan ma'auni, ta ƙi ninkawa in an auna da wancan?"

Amsar ita ce ba a maganar ninki sai an faro ƙirge daga gindi. Mai alama yana iya cewa ruwa ya tashi daga mita 1 zuwa mita 2 bisa alamarsa, amma in akwai zurfin mita 5 ƙarƙashin alamar, ruwa daga 6 ya tafi 7, bai ninka ba. Saboda haka sai mu juya zuwa kelbin tukuna. 20 °C shi ne 293 K, 40 °C kuwa 313 K. Sabon girma shi ne 600 sau 313 a raba da 293, watau wajen mililita 641. Ƙarin 41 ne kawai, kimanin kashi 7 cikin 100. Wannan ya yi daidai da abin da ido ke gani. Jarkar roba da ba kome a ciki, in an rufe ta da safe aka bar ta a rana, takan ɗan kumbura ne, ba ta zama biyu. In da gaske ana son iskar da ke 27 °C ta ninka, sai a ce 27 °C shi ne 300 K, ninkinsa 600 K, watau 327 °C, zafin da ya kai na narkar da dalma. Kuma a duba abin da zai faru in an yi lissafin da Salshiyas aka fara daga 0 °C: za a raba da sifiri. In kuwa an ƙare a −10 °C, girman iska zai fito ƙasa da sifiri, abin da hankali ba ya ɗauka.

Wannan ya kawo mu ga tambayar me ya sa kelbin ba ya sauka ƙasa da sifiri. Kowane abu, iska ko ruwa ko ƙarfe, an yi shi da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kullum kuwa suna cikin motsi. Abin da muke ji muna kira zafi, ƙarfin wannan motsi ne. In aka ɗora tukunya a wuta ƙwayoyin ruwa suna ƙara sauri, in aka sa ta a firiza ana zare musu ƙarfi. Sanyi ba wani abu ba ne da ake zubawa, ragowar zafi ne. Abin da ake ragewa kuwa dole ya kai inda ba sauran abin ɗiba. Mai rumbu yana iya ɗibar hatsi har ya share ƙasan rumbu, amma ba ya ɗibar mudu guda bayan wannan. Sifirin kelbin shi ne halin da ƙwayoyi suka sauka zuwa mafi ƙarancin ƙarfin da zai yiwu su kasance da shi. Mu kiyaye kada mu ce wa yara motsi ya tsaya cik, gama ilmin zamani ya nuna akwai ɗan abin da ke saura wanda ba shi cirewa.

Har wa yau, ba a taɓa isa sifirin kansa ba, ka'idar kimiyya kuma ta nuna ba za a isa ba, sai dai a yi ta matsowa kusa. Sanyi mafi tsanani da aka auna da ma'auni a fuskar ƙasa shi ne −89.2 °C, a tashar Vostok ta yankin ƙanƙara na kudancin duniya, ran 21 ga Yuli 1983. A kelbin wannan 183.95 K ne, watau da sauran tafiya mai nisa. A 1908 Kamerlingh Onnes na birnin Leiden a ƙasar Holan ya mai da iskar hiliyom ruwa a wajen 4 K. A yau masana a ɗakunan gwaji suna sauka ƙasa da kashi 1 cikin miliyan na kelbin guda, amma kullum bisa sifiri suke. Mai karatu mai zurfi zai iya cin karo da labarin wasu gwaje-gwaje na musamman, tun daga na Purcell da Pound a 1951, inda lissafi ke ba da kelbin mai alamar debewa. Wannan ba sanyin da ya wuce sifiri ba ne. Irin waɗannan abubuwa zafi suke bayarwa ga duk abin da suka taɓa, ba su kuwa shafi iska ko ruwan da muke aunawa a aji ba.

Saura batun alamar digiri. Kalmar digiri tana nufin mataki, kamar matakalar tsani da aka kafa tsakanin alamomi biyu na zaɓi. In mun rubuta 42 °C muna cewa mataki 42 bisa narkewar ƙanƙara. Kelbin kuwa ana ɗaukarsa ma'auni ne mai zaman kansa, ɗan'uwan mita da kilo da daƙiƙa, waɗanda dukansu daga babu suke farowa. Ba wanda ke cewa buhu ya kai digiri 50 na kilo, kilo 50 ake cewa. Haka nan ake cewa kelbin 315, a rubuta 315 K.

Amma mu sani wannan yarjejeniya ce, tana kuma da shekararta. Dā can da alamar ake rubutawa, °K. Babban taron ƙasashen duniya kan awo da ma'aunai, wanda ke zama a Faransa, shi ne a zamansa na 13 a 1967 ya yanke a jefar da kalmar digiri da alamarta, a kira ma'aunin kelbin kawai. Don haka in ka ga °K a tsohon littafi a laburare, kada ka ce marubucin jahili ne, a zamaninsa daidai ya yi. Sai dai kada yaro ya kwafa. Harafin kuma babba ne, K, domin ƙaramin k yana nufin kilo, watau dubu, kamar a km da kg. Ana kuma barin ɗan fili tsakanin lamba da harafin.

A wasu littattafai za ka ga 273.16, ka yi tsammani kuskuren ɗab'i ne. Ba kuskure ba ne, wani abu ne dabam. Akwai hali guda, a ƙarƙashin matsi ɗan kaɗan, inda ƙanƙara da ruwa da tururi ke zama tare ba wanda ke cin wani. Zafin wannan hali 0.01 °C ne, watau 273.16 K. Daga 1954 a kansa aka kafa girman kelbin, har zuwa 20 ga Mayu 2019, sa'ad da aka mai da ma'anar kelbin kan wata tsayayyar lamba ta kimiyya mai sunan Boltzmann. Wannan canji bai taɓa lissafinmu ba. Lambar juyi tana nan 273.15.

Ga hanyar da nake bi in ina duba littattafan yara, ku ma ku gwada. Da fari, lambar kelbin kullum ta fi ta Salshiyas girma, in ta fito ƙarama to an debe inda ya kamata a ƙara. Na biyu, in na ga alamar debewa gaban K ba na ƙara duba sauran lissafin, na san inda aka ɓata. Na uku, ina sa yara su riƙe lamba guda a ka, cewa 300 K wajen 27 °C ne, zafin ɗaki na yau da kullum. Zafin iskar Yola da Jimeta, daga asubar hunturu har tsakar ranar bazara, ba ya yin nisa da wannan, yana yawo ne tsakanin wajen 285 K da 320 K. Yaron da ya riƙe wannan, in lissafi ya ba shi 42 K ko 588 K don zafin garinsu, shi da kansa zai tsaya ya sāke dubawa tun malam bai ɗauki jan biro ba.

Shawarata ita ce kada mu fara darasin nan da rubuta 273 a allo. Mu fara da kogi da gora, mu kawo bututu da ƙanƙara, mu bar yara su raba 10.9 da 0.04 da kansu. In sun ga inda gindin yake, ba sai an gaya musu dalilin da ba a sauka ƙasa da shi ba.